Jerin ƙari da jerin ninki: wace fomula za a ɗauka wajen tara lambobin farko?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina ajin furamiyar a wata lise a nan Garwa, bana zan zana furobatuwar. An ba mu wannan: wata mata tana ajiya a asusu, watan farko ta saka sefa 5,000, kowane wata kuma tana ƙara kashi 10 cikin 100 a kan abin da ta saka a watan da ya gabata. Nawa ta tara a wata 12? Ni na samu 93,000, ƙawata ta samu 122,614, malaminmu ya ce 106,921. Na haddace fomulolin biyu, amma ban san lokacin da ake ɗaukar kowacce ba.

Amsa: 'Yata, barka kadai. Amsar malaminku ita ce daidai. Ke kin ɗauki fomular da ba ta wannan jerin ba, ƙawarki kuwa ta ɗauki fomular da ta dace amma ta tara wata 13 maimakon 12. Waɗannan kurakurai biyu su na fi cin karo da su idan ina duba takardun ɗalibai a wannan darasi, kuma kowannensu da maganinsa daban, don haka bari mu bi su a hankali. Zan riƙa rubuta 1.1 da ɗigo kamar yadda kalkuleta ke nunawa. A takardar jarrabawa ki rubuta 1,1 kamar yadda aka koya muku.

Kafin ki taɓa wata fomula, ki rubuta lambobi uku ko huɗu na farko da hannunki. Watan farko 5,000. Kashi 10 cikin 100 na 5,000 shi ne 500, saboda haka wata na biyu 5,500. A nan ne ƙafarki ta zame, kuma ba abin mamaki ba ne: kin ga an ƙara 500, sai kika ɗauka 500 ɗin za a yi ta ƙarawa har ƙarshe. Amma a wata na uku, kashi 10 ɗin na 5,500 ne, wato 550, don haka abin da ta saka 6,050 ne, ba 6,000 ba. A wata na huɗu ƙarin ya zama 605, kuɗin ya zama 6,655. Ga jerin biyu gefe da gefe:

```
A: 5000, 5500, 6000, 6500, ...
B: 5000, 5500, 6050, 6655, ...
```

Lambobi biyun farko ɗaya suke a duka biyun, sai a ta uku hanya ta rabu. Wannan ne dalilin da ya sa lambobi biyu ba sa taɓa isa a gane irin jeri. Duk lambobi biyun da aka ba ki, in dai ta farkon ba sifiri ba ce, za ki iya cewa ƙari aka yi, za ki iya cewa ninkawa aka yi, kuma babu mai ƙaryata ki.

Gwajin kansa mai sauƙi ne. Ki debe kowace lamba daga wadda ke bin ta. A jerin A za ki samu 500, 500, 500. Tazarar ba ta canzawa, to wannan shi ne jerin aritmetik, jerin ƙari, kuma tazarar ita ce r ɗin da ke littafinku. A jerin B za ki samu 500, 550, 605, tazarar tana girma, saboda haka ba na ƙari ba ne. Sai ki koma ga rabawa: 5,500 a raba da 5,000 ya ba da 1.1, 6,050 a raba da 5,500 ya ba da 1.1, 6,655 a raba da 6,050 ya sake ba da 1.1. Abin da ake ninkawa da shi bai canza ba, to wannan shi ne jerin jiyometrik, jerin ninki, kuma 1.1 ɗin shi ne q.

Ki lura q ɗin 1.1 ne, ba 0.1 ba, ba kuma 10 ba. Sabon kuɗin ya ƙunshi tsohon gaba ɗaya, wato 1, da kashi goman da aka ɗora a kai, wato 0.1. Da ragi aka yi na kashi 10 cikin 100, da q ya zama 0.9.

Akwai abin da nake so ki riƙa nema a cikin kalmomin tambaya tun kafin ki fara lissafi. Ganin "kashi kaza cikin 100" shi kaɗai bai isa ya sa ki ce jerin ninki ba ne. Abin tambaya shi ne: kashi 10 na mene ne? Da an ce matar tana ƙara kashi 10 cikin 100 na kuɗin watan farko a kowane wata, da ƙarin 500 ne kullum, da kuma 93,000 ɗinki ita ce amsa, ba gyara. Amma an ce a kan abin da ta saka a watan da ya gabata, kuma abin da ta saka a watan da ya gabata yana canzawa kowane wata. 'Yan kalmomin nan su suka raba 93,000 da 106,921. Ina sa ɗalibaina su ja layi a ƙarƙashinsu da biro kafin su rubuta komai.

Yanzu ga fomulolin. Kin ce kin haddace su, amma ina so ki ga inda kowacce ta fito, domin wanda ya san asalinsu ba zai sake musanya su ba.

Ɗauki jerin A na wata 12. Daga watan farko zuwa na 12 an yi ƙari sau 11 ne, ba sau 12 ba, tunda watan farko ba a ƙara masa komai ba. Don haka lamba ta ƙarshe ita ce 5,000 da 11 × 500, wato 10,500. Haɗa ta farko da ta ƙarshe: 5,000 da 10,500 sun ba da 15,500. Haɗa ta biyu da ta kusa da ƙarshe: 5,500 da 10,000, 15,500 ne. Ta uku da ta goma: 6,000 da 9,500, har yanzu 15,500. Dalili a fili yake: duk lokacin da kika matsa gaba taki ɗaya daga farko kin ƙaru da 500, kuma duk lokacin da kika dawo baya taki ɗaya daga ƙarshe kin ragu da 500, sai su kashe juna. Lambobi 12 sun ba da tagwaye 6, kowace 15,500, jimla 93,000. Fomular kenan:

```
S = n × (ta farko + ta ƙarshe) / 2
```

A nan n adadin lambobin da ake tarawa ne. Idan n mara ce, kamar 7 ko 13, fomular tana nan daram, don lambar tsakiya da ta rage ba abokiya rabin jimlar tagwaye ɗaya ce daidai. Wannan dabarar ce ake ba da labarin cewa Gauss, masanin lissafin Jamus da aka haifa a 1777, ya yi amfani da ita yana yaro ya tara lambobi daga 1 zuwa 100: tagwaye 50, kowace 101, jimla 5,050.

To gwada wannan haɗin tagwayen a jerin B ki ga abin da zai faru. Lamba ta 12 ita ce 5,000 × 1.1^11, kusan 14,266. Ta farko da ta ƙarshe sun ba da kusan 19,266. Ta biyu da ta 11, wato 5,500 da 12,969, sun ba da kusan 18,469. Biyun tsakiya, ta 6 da ta 7, wato 8,053 da 8,858, sun ba da kusan 16,910 kawai. Tagwayen ba ɗaya suke ba, suna raguwa ne idan ana shiga tsakiya. Tushen da fomular farko ta tsaya a kai ya rushe kenan, shi ya sa ba ta da hurumi a nan. Na sha ganin ɗalibin da ya gane cewa jerin na ninki ne, ya fitar da lamba ta ƙarshe daidai, 14,266, sannan ya zuba ta cikin fomular ƙari ya samu kusan 115,594. Ya yi rabin aikin da kyau, ya ɓata sauran. Kuma a jerin ninki mai lambobi sama da sifiri, irin wannan kuskuren kullum sama yake kai amsa, domin tagwayen bakin jeri sun fi na tsakiya nauyi.

Jerin ninki yana da tasa dabarar. Kira jimlar S. Idan kika ninka kowace lamba ta jerin da 1.1, kowacce za ta koma wadda ke bin ta: 5,000 ta zama 5,500, 5,500 ta zama 6,050, haka har ta 12 ta zama wadda da za ta zo a wata na 13. Rubuta su a layi biyu:

```
S      = 5000 + 5500 + 6050 + ... + 5000×1.1^11
1.1×S  =        5500 + 6050 + ... + 5000×1.1^11 + 5000×1.1^12
```

Debe layin sama daga na ƙasa. Duk abin da ke tsakiya ya tafi, saura abu biyu kacal: 5,000 × 1.1^12 a ƙarshe, da 5,000 na farko da za a debe. A ɗaya gefen kuma 1.1 × S ban da S ya bar 0.1 × S. Saboda haka S ita ce 5,000 × (1.1^12 − 1) a raba da 0.1. Kalkuleta za ta ba ki 1.1^12 kusan 3.138428. Debe 1, saura 2.138428. Ninka da 5,000, ki raba da 0.1, ki samu 106,921 da 'yan ɗigo. Amsar malaminku kenan. Idan aka rubuta ta ga kowane jeri:

```
S = ta farko × (1 − q^n) / (1 − q)      (q ≠ 1)
```

Wasu littattafan suna rubuta (q^n − 1) / (q − 1). Abu ɗaya ne, an juya alamar sama da ta ƙasa tare. Ni idan q ya fi 1 nakan ɗauki wannan ta biyun don kada in yi ta fama da alamar debewa, idan bai kai 1 ba in ɗauki ta farkon. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a juya sama a bar ƙasa, don amsar za ta fito ƙasa da sifiri, kuma ba a taɓa tara kuɗi a asusu jimla ta fito bashi.

Sharaɗin q ≠ 1 da ke gefe ba ado ba ne. Idan q ya zama 1, ƙasan fomular sifiri ne, ba a kuwa rabawa da sifiri. Amma a wannan halin lambobin duk ɗaya ne, 5,000 kowane wata, jimlar kuma 12 × 5,000 ce kai tsaye.

Ki duba bambancin abin da kowace fomula take nema a wajenki. Ta ƙari tana son lamba ta farko, ta ƙarshe, da adadi. Ta ninki tana son lamba ta farko, q, da adadi, ba ruwanta da ta ƙarshe. Abin da suka haɗu a kai shi ne adadin lambobi, kuma a nan ne ƙawarki ta faɗi.

Ina kusan tabbata ga abin da ya faru da ita. A tsarinmu na masu karatu da Faransanci an saba fara jeri da U0, kuma a littafin darasi akan rubuta jimlar U0 + U1 + ... + Un da lambar sama n + 1. Fomular daidai ce, domin daga U0 zuwa Un lambobi n + 1 ne. Ƙawarki ta ga wata 12, ta ce n = 12, ta buga 1.1^13, wanda yake kusan 3.452271, sai ta samu 122,614. Amma idan watan farko shi ne U0, to wata na 12 shi ne U11, ba U12 ba. Ta tara wa matar kuɗin wata guda da ba ta riga ta saka ba. Ki debe 106,921 daga 122,614, za ki ga bambancin 15,693 ne, wanda kusan shi ne 5,000 × 1.1^12, kuɗin wata na 13.

Wannan ya sa ba na son ɗalibai su haddace fomula da harafin n tsirara. Yau n lambar ƙarshe ce, gobe a wani littafin n adadi ne, sai kai ya ɗaure. Ki haddace ta da kalmomi: lamba ta farko da ake tarawa, da adadin lambobin da ake tarawa. Adadin kuma ga yadda ake samunsa, ko daga ina aka fara:

```
daga Up zuwa Un:  adadi = n − p + 1
```

Wannan ƙarin 1 ɗin kin riga kin san shi a rayuwa. Wadda ta sha azumi daga ranar 4 ga wata zuwa ranar 12, kwana tara za ta rama, ba takwas ba, don ranar 4 ɗin ma tana ciki. Daga U0 zuwa U11, 11 − 0 + 1, lambobi 12. Daga U1 zuwa U12, 12 − 1 + 1, lambobi 12. Ko wanne kika zaɓa amsar ɗaya ce, muddin kin tsaya a kan zaɓinki har ƙarshen aikin. Idan tambayar ta riga ta ce U0 = 5,000, ki bi ta, ki rubuta a gefe cewa wata na 12 shi ne U11. Idan ba ta faɗa ba, ni ina ba da shawarar U1 ga duk tambayar da ke ƙirga watanni ko shekaru, don lambar wata ta yi daidai da lambar jeri.

Jerin ƙari ma bai tsira daga wannan tarkon ba. Wanda ya ɗauki U12 = 5,000 + 12 × 500 = 11,000 a matsayin ta ƙarshe, ya kuma bar adadin a 12, zai samu 96,000, amsar da ba ta wata 12 ba ce, ba kuma ta wata 13 ba.

Masu shirya jarrabawa sun san wannan rauni, shi ya sa sukan ce a tara daga tsakiya. A ce an tambaye ki abin da matar ta saka daga wata na 4 zuwa na 12. Adadi 9 ne. Lamba ta farko da ake tarawa yanzu 6,655 ce, kuɗin wata na huɗu, ba 5,000 ba. Sai ki buga 6,655 × (1.1^9 − 1) / 0.1, ki samu kusan 90,371. Kina iya tabbatarwa ta wata hanyar: watanni ukun farko sun ba da 5,000 + 5,500 + 6,050 = 16,550, idan aka debe su daga 106,921 saura 90,371. Hanyoyi biyu sun haɗu a wuri ɗaya, hankalinki ya kwanta.

Ga wata al'ada da nake roƙonki ki ɗauka, ba za ta ci miki minti ɗaya ba a ɗakin jarrabawa. Bayan kin rubuta fomularki, kafin ki saka 12, ki saka 3, ki ga ko za ta ba ki abin da kika riga kika tara da hannu. Lambobi ukun farko sun ba da 16,550. Fomular ninki da adadi 3 ta ba da 5,000 × (1.331 − 1) / 0.1 = 16,550, sun yi daidai. Da kin gwada taki fomular da r = 500, da ta ba ki 16,500, ki ga sefa 50 sun ɓace, ki san akwai matsala. Da ƙawarki ta gwada tata, da ta samu 23,205, wanda ya yi wa 16,550 nisa ƙwarai, don jimlar lambobi huɗu ce. Gwaji ɗaya ya kama kurakuran biyu. Kada ki gwada da 2 kawai, kin riga kin ga cewa a lambobi biyu jerin A da B ba su da bambanci.

Sai kalkuleta, wadda ita ma tana cinye wa yara maki ba tare da sun sani ba. Ki buga haka, da baka a sama da baka a ƙasa:

```
5000*(1-1.1^12)/(1-1.1)
```

Idan kika manta bakar ƙasa kika buga `/1-1.1`, na'urar za ta raba da 1 ne sannan ta debe 1.1, ta nuna miki kusan −10,693. Kuma kada ki yanke 1.1^12 tun da wuri. Wanda ya mai da 3.138428 ya zama 3.1 zai ƙare da 105,000, ya yi asarar kusan sefa 1,900, saboda duk ɗan abin da aka yanke ana ninka shi da 50,000 daga baya. Ki bar lambobin cikin na'ura, sai a amsar ƙarshe ki daidaita.

Kada ki ɗauka bambancin jerin biyu ƙarami ne don a wata 12 bai kai 14,000 ba. Da matar za ta ci gaba har wata 24, jerin ƙari zai ba da 258,000, na ninki kuwa kusan 442,487. A wata na 24 kaɗai za a nemi ta saka sama da 44,000, ita da ta fara da 5,000, shi ya sa irin wannan ajiyar ta fi yawa a takardar jarrabawa fiye da a gidajen mutane.

Ba kullum jerin ninki yake hawa ba, kuma mai sauka yana da wani hali da ya kamata ki sani. Ɗauki mai sayar da ƙanƙara a nan Garwa. A tsakiyar zafin watan Afirilu ya yi cinikin 50,000 a mako, da damina ta fara shigowa sai cinikin ya riƙa raguwa da kashi 20 cikin 100 kowane mako a kan na makon da ya wuce. Abin da ya rage kashi 80 ne, don haka q = 0.8. Makonni shida: 50,000, 40,000, 32,000, 25,600, 20,480, 16,384. Da fomula, 0.8^6 shi ne 0.262144, a debe shi daga 1 saura 0.737856, a raba da 0.2 a ninka da 50,000, jimla 184,464. Ki tara su da hannu, haka za ki samu. Wanda ya ga ragin 10,000 na makon farko ya ɗauka jerin ƙari ne mai r = −10,000 zai ce a mako na shida ciniki ya zama sifiri, jimla 150,000, alhali mutumin yana sayar da na 16,384 a wannan makon. Abin lura kuma shi ne, yayin da makonni ke ƙaruwa 0.8^n yana ta ƙanƙancewa zuwa sifiri, don haka jimlar ba za ta taɓa haura 50,000 / 0.2 = 250,000 ba, ko da shekara nawa aka yi ana tarawa. Idan a irin wannan tambayar kika samu amsar da ta wuce 250,000, ki koma ki duba aikinki. Za ku yi wannan sosai a ajin tarminal.

Wata magana game da rubutun amsa. Gwada lambobi uku ko huɗu hanya ce ta gane inda za ki dosa a takardar gwaji, amma idan tambaya ta ce ki nuna cewa jerin na ninki ne, lambobi uku ba hujja ba ce. Jerin 1, 2, 4 zai iya ci gaba da 8, zai kuma iya ci gaba da 7 idan ƙarin ne yake tafiya 1, 2, 3. Abin da mai duba takarda yake nema shi ne ki nuna dangantakar ga kowane n. A tambayarku layi ɗaya ne:

```
U(n+1) = U(n) + 0.1×U(n) = 1.1×U(n)
```

Daga nan sai ki ce jerin na ninki ne, q = 1.1, lamba ta farko 5,000. Ga jerin ƙari kuma ki nuna cewa U(n+1) − U(n) lamba ce tsayayya wadda babu n a cikinta. Ina jin zafin ganin ɗalibi ya samu amsar ƙarshe daidai amma ya rasa makin wannan layin, don kawai bai rubuta shi ba.

Saura hali na uku, wanda ɗalibai ba sa tsammani: jerin da ba na ƙari ba, ba kuma na ninki ba. Fomuloli biyu ne a kansu, sai su ga dole ɗaya ta shiga. A ce matar nan kowane wata tana ƙara kashi 10 cikin 100 a kan na watan da ya gabata, sannan ta ɗora 500 a kai. Jerin zai zama 5,000, 6,000, 7,100, 8,310. Debewa ta ba da 1,000, 1,100, 1,210, ba tsayayya ba. Rabawa ta ba da 1.2, sannan kusan 1.183, ita ma ba tsayayya ba. Babu fomular da za ta hau wannan jerin kai tsaye, kuma duk wadda kika tilasta masa amsar banza za ta ba ki.

Irin wannan yana yawan fitowa a tambayoyin bak, kuma galibi tambayar da kanta takan miƙo miki mabuɗin: takan ce ki ɗauki wani sabon jeri, a nan V(n) = U(n) + 5000, ki nuna na ninki ne. Ƙara 5,000 a kan kowace lamba ki gani: 10,000, 11,000, 12,100, 13,310. Yanzu rabawa tana ba da 1.1 kowane taki. Ba sa'a ba ce: 5,000 ɗin an samo ta ne daga raba 500 da q − 1, wato 0.1. Sai ki tara sabon jerin da fomular ninki, sannan ki cire abin da kika ƙara. Ga lambobi huɗu, 10,000 × (1.1^4 − 1) / 0.1 ya ba da 46,410. Kin ƙara 5,000 sau huɗu, ba sau ɗaya ba, don haka 20,000 za ki cire, saura 26,410. Tara 5,000, 6,000, 7,100 da 8,310 da hannu, 26,410 ne. Ki yi na wata 12 da kanki ke da ƙawarki: 10,000 × (1.1^12 − 1) / 0.1, a cire 12 × 5,000. Ya kamata ku samu kusan 153,843.